Zauren Kasuwa: "Kowa ya san sabulunmu", da gaske?

Sau da yawa a taron asusu sai ka ji wata ta ce: "Ai garin nan kowa ya san sabulunmu." Wata kuma ta ce a'a, a ciro jika 50 a kai sanarwa gidan rediyo. Kafin a taɓa kuɗin akwati, akwai hanyar ganewa da ba ta cin komai sai kaye, biro da yini biyu.

Mu ɗauki misali. A ce ƙungiyarku tana yin sabulu mai suna Haske. Ku tambayi mata 40, amma ba ƙawayenku ba, ba kuma a bakin rumfarku ba, don wadda ta zo rumfa ta riga ta san ku. Ku raba: 10 a famfo, 10 wajen niƙa, 10 a ƙofar kasuwa, 10 a wata unguwa mai nisa. Mai tambayar ta zama wadda ba a sani da sana'ar ba. In shugaba ce ta je da kanta, kara za a yi mata, kowa ta ce "madalla, yana da kyau".

Tambayoyin huɗu ne, kuma jerinsu ba ya canzawa. Ta farko: "Inna, in an ce sabulun wanki na gida, wane suna kika sani?" Kada a ambaci Haske, kada a riƙe shi a hannu. Ta biyu, a karanta mata sunaye huɗu, ta faɗi waɗanda ta taɓa ji. Cikinsu akwai Haske, da na wasu guda biyu, da suna guda na ƙarya da kuka ƙago, kun tabbata babu shi a kasuwa. Ta uku: "Kin taɓa saye?" Ta huɗu: "In kin ji sunan Haske, me ke zo miki a rai?" A rubuta maganarta yadda ta faɗa. Kada a ce "Ko ba ya da kumfa sosai?", wannan sa mata magana ne a baki.

To, a ce ga abin da ya fito. Mata 6 suka ambaci Haske da kansu. Da aka karanta sunaye, 22 suka ce sun san shi. Amma 5 sun ce sun san sunan ƙaryar ma. Ba makaryata ba ne, kunyar cewa "ban sani ba" ce. Ke nan 22 ɗin nan ta kumbura, a ƙiyasce gaskiyar ta fi kusa da 17. Tazarar da ke tsakanin 6 da 17 ita ce labarin: an ji sunan, amma bai zauna a ka ba. Mace in ta aiki yaro sayen sabulu, sunan da ke bakinta take faɗa, ba wanda za a tuna mata ba.

Sai a raba amsar tambaya ta huɗu gida biyu. Cikin 22, tara sun taɓa saye, bakwai daga cikinsu suka ce yana kumfa, yana jimawa. Sauran 13 ba su taɓa saye ba, takwas suka ce ba su san inda ake samunsa ba. Kun ga ke nan matsalar ba ta sabulun ba ce, ba kuma rediyo ne maganinta na farko ba. Gara a ajiye kwali guda guda wajen masu tebur na unguwannin, jika 50 ta zauna cikin akwati tukuna.

Abu na ƙarshe, kuma nan aka fi zamewa. Mutum 40 kaɗan ne. Ko babu abin da ya canza a gari, in kuka tambayi wasu 40 daban, 22 na iya zama 16 ko 28. Saboda haka in bayan wata shida kun sake, kuka samu 25, kada a yi guɗa, kada kuma a yi faɗa in 19 ta fito. Sai bambancin ya kai kamar mutum tara sannan za a ce wani abu ya motsa. Kuma a koma wurare iri ɗaya, da tambayoyi iri ɗaya, da matan da ba a tambaya ba a karon farko, don waɗancan kun riga kun koya musu sunan. A kula da lokaci ma: maganar "tsada" da kaka, kuɗi na hannu, ba ɗaya take da ta tsakiyar damina ba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Sakatariya ta adana kayen tare da na zubi, ta rubuta ranar da wuraren. Sai fitowa ta gaba, a gaida mutan gida.