Kuɗin Sallama Ba Kyauta Ba Ne

Duk lokacin da aka tayar da zancen fansho a Nijeriya, sai an sami masu cewa a miƙa wa mai ritaya kuɗinsa gaba ɗaya, tunda guminsa ne. Hujjar tana da daɗin ji, amma kallon kitse suke yi wa rogo.

Dokar fansho ta 2014 ta yarda mai ritaya ya ɗebi wani kaso a dunƙule, muddin abin da ya saura zai isa a riƙa biyansa lokaci-lokaci. Abin da masu wannan kira ba sa faɗa shi ne, duk nairar da aka ɗiba yau, daga fanshon gobe aka yanke ta.

Mu ƙaddara wani malamin makaranta ya bar aiki da naira miliyan 12 a asusunsa, kuma kowane miliyan zai ba shi dubu 10 a wata. Idan ya ɗebi miliyan 3, zai riƙa karɓar dubu 90. Idan ya ɗebi miliyan 6, ya koma dubu 60 har ƙarshen rayuwarsa. To ina miliyan shidan za su? Aurar da 'ya, kujerar Makka, ɗan'uwa mai neman jari, da kiwon kajin da bai taɓa yi ba. Ɗan shekara 60 da ya karye a kasuwa ba shi da albashin da zai tashe shi, ga shi yana iya ƙara shekara 25 a duniya.

Ban ce biyan wata-wata ba shi da aibu ba. Wanda ya sayi fanshon rai-da-rai daga kamfanin inshora ba zai wayi gari a ce kuɗinsa sun ƙare ba, sai dai adadin yakan tsaya cak, kasuwa kuwa ba ta tsayawa. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Shekara uku a haka, dubu 90 ba za ta sayi fiye da abin da dubu 41 take saya a da ba. Sannan idan ya rasu bayan shekara goman da aka lamunce, magada ba su da komai, kuma wanda ya shiga wannan tsari ba ya komawa wancan da kamfanin fansho ke tsakuro masa daga asusunsa.

Duk da haka, illolin biyu ba ɗaya ba ne. Hauhawar farashi tana rage tuwo, ƙarewar dunƙule kuwa kife tukunyar take yi.

Saboda haka ga ma'aunina: kada ka ɗebi dunƙule sai don abin da zai kashe maka wani kashin kuɗi na dindindin, kamar ƙarasa ginin da zai raba ka da haya, ko biyan bashin da ke cin kuɗinka duk wata. Kafin ka sa hannu, ka nemi a rubuta maka nawa fanshonka zai zama a kan kowane adadin da za ka ɗiba. Sauran ka bar shi ga tsohon da za ka zama, domin shi ba shi da ƙarfin fita nema.