Tallar Murya: A Faɗi Farashi Tun Farko

Gabatarwa

Talla tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma tana da tsarinta. Mai tallar ƙosai ba ta fara kira da gaisuwa. Sunan hajarta take fara ambata, domin mai wucewa ba ya tsayawa jiran bayani. A yau tallar ta shiga wayar hannu, inda ake aika saƙon murya ko gajeren bidiyo, amma halin mai saye yana nan yadda yake. Saboda haka ya kamata a rubuta irin wannan saƙo kafin a ɗauke shi, kuma rubutun ya ƙunshi farashi ƙarara. Ɓoye farashi, wanda wasu ke ɗauka dabara ce, hasara ce ga mai kaya.

Tsawon Saƙo da Tsarinsa

Lokacin da manhajar WhatsApp ta fara ba da damar ɗora murya a matsayin sitatus a shekarar 2023, daƙiƙa 30 kacal ta ƙayyade. An ƙara wa'adin daga baya, amma wannan awo yana da kyau ga mai koyo. Cikin daƙiƙa 30, mai magana a natse ba zai wuce kalmomi 70 zuwa 80 ba. Idan sallama da gaishe-gaishe suka cinye 30 daga ciki, an yi asarar kusan rabin tallar kafin a ambaci haja.

A ɗauki misalin matar da ke matsar man gyaɗa a gida. Rubutunta na farko ya buɗe da doguwar gaisuwa, ya kira man da "mai inganci, wanda babu irinsa", ya haɗa da ƙuliƙuli da yaji, sannan ya rufe da cewa mai son farashi ya yi magana. Ga yadda ya koma bayan gyara:

"Assalamu alaikum. Man gyaɗa ne na gida, matsar wannan mako, ba a gauraya shi da wani mai ba. Da an buɗe gora za a ji ƙamshin soyayyar gyaɗa. Gora mai lita ɗaya naira 3,500, farashin wannan wata na Janairu ke nan. Muna unguwar Fagge, a Kano, kuma muna kai wa har gida a cikin gari. Mai so ya kira wannan lamba. Man gyaɗa na gida, lita ɗaya naira 3,500."

A nan haja ɗaya aka gabatar, an cire ƙuliƙuli da yaji domin kowanne ya sami nasa saƙo. An kuma musanya "mai inganci" da ƙamshi, wato abin da mai saye zai iya tabbatarwa da hancinsa. An maimaita farashi domin kunne ba ya komawa baya kamar ido. Wurin da aka ce "wannan lamba" kuwa, sai a furta lambar a hankali, saboda saƙon murya yakan yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har a rasa wanda ya fara aiko shi. Wannan dalili ne ya sa aka ambaci unguwa da wata, don kada wani ya zo bayan wata shida yana neman tsohon farashi.

Hujjar Masu Ɓoye Farashi

Masu ɓoyewa suna cewa ciniki a ƙasar Hausa taye ne da albarka, kuma faɗin kuɗi yana korar wanda da an zanta da shi zai saya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya ga haja irin dabba ko fili, inda kowace ke da darajarta daban. Amma gorar mai awonta ɗaya ne. Mai sauraro da bai ji farashi ba yakan zaci tsada ce ta sa aka ɓoye, wani kuma kunyar tambaya ce za ta hana shi, don gudun kada ya ji kuɗin ya kasa saye. Alamar matsalar a bayyane take: idan yawancin amsoshin da ke shigowa "nawa ne?" ko "a ina kuke?" ne, to, rubutun bai gama aikinsa ba.

Kammalawa

Malamin da zai koyar da wannan darasi ya sa ɗalibi ya karanta rubutunsa a bayyane, ana duba agogo. Duk jimlar da numfashi ya yanke a tsakiyarta, a raba ta biyu. Daga nan a tambayi wani ɗalibin da ya saurara sau ɗaya kawai: me ake sayarwa, nawa ne, kuma a ina? In ya kasa amsa ɗaya daga cikinsu, a mayar wa marubucin takardarsa ya sake.