Kada ku rubuta kuɗɗin da ba su shigo ba kamar suna cikin asusu

Ƴan uwa manoma, mambobin koperatif, ku da kunka yi yaƙi da jahilci kuma anka danƙa muku littafin ƙungiya, da ku ni ke magana yau. Kowace shekara, in damina ta yi nisa, kukan taru ku tsara kuɗɗin shekara mai zuwa: nawa za su shigo, nawa za su fita. Lissafin abin da za shi fita ba shi da wuya, don kun san ladan mai gadi, kun san kuɗɗin gyaran mangaza. Lissafin abin da za shi shigo shi ne ke kada ƙungiyoyi da yawa. Ra'ayina shi ne, ƙungiya ta tsara kashe kuɗɗinta bisa lissafin shekara maras kyau. In shekara ta zo da kyau, ba a rasa abin yi da rara.

Mu ɗauki misali. Adadin da zan ba ku na koyo ne, ku sa na garinku a madadinsu. Ga ƙungiya mai mutum 60 da ke sayen waken mambobinta da kaka, ta aje, ta saida da bazara. Kowane mamba shina zuba jikka 2 a shekara. Ƙungiya tana da jarinta na saye. Buhu guda tana sayensa jikka 20, ta ƙara jikka 2 na buhun ajiya da dako, ya kama jikka 22.

Ranar taro, cikin watan Agusta, gonaki sun yi kore, kowa ransa fari. Mambobi sunka yi alkawarin buhu 200. Wani ya tuna bara an saida buhu jikka 30. Magatakarda ya buga lissafi: ribar jikka 8 sau 200, jikka 1.600 ke nan, a ƙara zubin mutum 60, jikka 120, duka jikka 1.720. Anka tafa. Nan take anka ce a yi odar taki, a sayi sikeli, a ƙara ɗaki ga mangaza. Lissafin nan ba shi da kure ko ɗaya wajen haɗawa, amma kowane adadi da anka sa cikinsa fata ne. Mu bi su ɗaya ɗaya.

Na farko, yawan buhuna. Alkawarin damina daban, abin da ke shiga mangaza daban. Wani tsutsa ta ci furen wakensa, wani ruwa ya ɗauke masa da wuri, wani kuma ɗan kasuwa ya ba shi bashi tun lokacin shibka, ya riga ku ɗauka. Ku buɗe littafin shekara uku da sunka wuce, ku gwada abin da anka yi alkawari da abin da anka kawo. A misalinmu, cikin kowane buhu 10 na alkawari, 7 ke zuwa. To, ku rubuta 140, ku bar 200. Haka zubi: in mutum 45 ne ke biya kowace shekara, ku rubuta jikka 90.

Bayan haka, buhu 140 da sunka shiga ba su ne za su fita ba. Wake shina ƙara bushewa ya rage nauyi, mai saye shina sa a sake sheƙewa a fidda ƙasa da tsakuwa, ƙwari kuma suna cin rabonsu. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS ya rage ɓarnar ƙwari ƙwarai, amma sai in ledojin biyu na ciki ba su huje ba, kuma an ɗaure kowace da kyau. Mu ce cikin 100 ana rasa 5. Buhu 7 sun tafi, saura 133 na saidawa, alhali kuɗɗin 140 kunka biya: jikka 3.080.

Na biyu, farashi. Kada ku ɗauki farashin bara shi kaɗai, don mutum abin da ya yi masa daɗi ya ke tunawa. Kada kuma ku ɗauki farashin tiya na kasuwar birni da kuke ji a rediyo, don wannan na mai saye kaɗan kaɗan ne. Ɗan kasuwan da za shi kawo mota ƙofar mangazarku sai ya fidda kuɗɗin mota da ribarsa. Abin da za ku nema shi ne kuɗɗin da ƙungiya ta karɓa da hannunta, buhu guda, cikin shekara uku. A misalinmu jikka 30, jikka 27, jikka 24. Ku yi lissafi da mafi ƙanƙanta. Buhu 133 sau 24, jikka 3.192. A fidda 3.080, saura jikka 112. A ƙara zubi 90, duka jikka 202.

Kun gani? Ƙungiya ɗaya, wake ɗaya, amma wancan lissafi ya ba da 1.720, wannan 202. In da an yi odar taki bisa na farko, da jarin saye za a biya shi, baɗi kuma ba a da abin sayen waken mambobi.

Akwai adadi guda da ni ke so kowane ma'aji ya rubuta ga bangon mangaza. Ku raba abin da kunka kashe, 3.080, da yawan buhunan saidawa, 133. Ya ba da jikka 23 da ƴan kai. Wannan shi ne farashin tsira. Duk wanda ya taya ƙasa da shi, jarinku ya ke ci, ko da ya fi jikka 20 da kunka saya. Ƙungiyoyi da yawa kan ga sun saya 20 sun saida 23, su ce sun ci riba, ba su san sun faɗi ba sai kaka ta zo jari ya kasa.

Na san abin da wasunku za su ce: "Malamin gona, wannan ai kashe zuciya ne. Wake kullum shina tashi da bazara." Gaskiya ne, shekaru da yawa shina tashi. Amma ku tuna yawancin wakenmu Najeriya ya ke tafiya, kuma farashinsa nan shina bin abin da ke faruwa can. Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. An sake rufewa a 2023. In naira ta faɗi kuma, kamar yadda ta yi a 2016 da 2023, ɗan kasuwan Kano ko na Jibiya sai ya tara naira mai yawa kafin ya samu jikka guda, sai ya rage taye. Ba wanda ya san waɗannan abubuwa ranar taron Agusta. Ku tambayi dattawanku labarin gujiya: bayan farin 1973 da cutar da ta faɗa mata a 1975, amfanin da kowa ya dogara gare shi ya zube.

Ba kuma cewa na yi ku jefar da fata ba. Ku ja layi biyu cikin littafi, shafi ya rabu uku. Gefen farko, lissafin shekara maras kyau, jikka 202. Tsakiya, lissafin shekara madaidaiciya: in an saida 27, buhu 133 sun ba da 3.591, riba 511, da zubi 601. Gefen ƙarshe, na shekara mai albarka. Sannan ku ɗaura kowane aiki ga gefensa. Abin da ya zama tilas, shi kaɗai ke shiga gefen farko: mai gadi jikka 10 a wata, 120 a shekara, gyaran mangaza 40, littattafai da tafiye-tafiye 30, duka 190. Ya shiga cikin 202. Sikeli ya jira gefen tsakiya, ƙarin ɗaki ya jira na ƙarshe, kuma ba a taɓa su sai kuɗɗin sun shiga asusu an ƙirga gaban mutane. In rara ta samu, ku fara aje wani kashi, don wata shekara tana iya fin mafi munin ukun nan muni.

Na uku, lokaci. Kuɗɗinmu sau biyu su ke shigowa a shekara, da kaka da bazara, amma fita kowane wata ne. Ku bi asusun misalinmu wata wata. A Nuwamba zubi ya shigo, jikka 90. An gyara mangaza da 40, an ba mai gadi 10, saura 40. Disamba saura 30, Janairu 20, Fabrairu 10, ƙarshen Maris ba ko dala. Wake kuwa sai Mayu ake son saidawa. Lissafin shekara ya ce kuɗɗi sun isa, amma ga mai gadi tsaye a Afrilu ba abin ba shi. A irin wannan lokaci ne ake saida wake da gaugawa ga wanda ya fara tayawa. In kun ga ramin tun Nuwamba, kuna iya shirya masa: ku raba waken kashi uku, ku saida kashin farko a Maris, na biyu a Mayu, na uku kafin sabon wake ya fito, don da ya fito tsoho ya faɗi. Rabawar nan tana kuma kare ku daga sa dukiyarku duka kan farashin rana guda.

Ku yi hattara da bashi. Ɗan kasuwa kan ce ya saya jikka 28, amma sai ya kai ya dawo za shi biya. Kada ma'aji ya rubuta wannan cikin kuɗɗin da sunka shigo. Ya buɗe masa shafi daban, da sunan mai bashi, da ranar biya, da shaidu. Sau da yawa jikka 26 a hannu ta fi 28 da ke kan hanya, tun ba in lokacin sayen taki ya matso ba.

Lissafin nan ba sau ɗaya ake yinsa a rufe littafi ba. Ku sake buɗe shi sau biyu. A Nuwamba, ku goge buhunan zato ku sa waɗanda kunka ƙirga. A Maris, ku gwada tayin ƴan kasuwa da farashin tsira, ku shiga mangaza ku duba. In kun ga gari a gindin buhu, ko ƙwaya mai huda, ko leda ta saki, ɓarna ta wuce 5 cikin 100, farashin tsira ya hau, wannan buhu shi za a fara saidawa. In kun ji naira tana faɗuwa ko motoci sun rage zuwa kasuwa, ku dakatar da duk aikin da ba na gefen farko ba.

In ƙungiyarku ba ta da littafin shekara uku, ku fara bana: alkawari nawa, an kawo nawa, an saida nawa, wane wata, a hannu ko bashi. A taro mai zuwa kuma, in anka faɗi adadin kuɗɗin da za su shigo, ku ɗaga hannu ku tambayi magatakarda buhu nawa ya sa, wane farashi, kuma wane wata kuɗɗin za su iso. Karatun da kunka yi ya ba ku ikon wannan tambaya, ku yi ta kafin a tafa.