Digiri ɗaya da rabi: ƙaramar lamba da ke iya cika Lamurde

Jama'a, idan aka ce duniya ta ƙara zafi da digiri ɗaya da rabi, da yawanmu a Kachalla Sembe dariya muke yi. Mu da a watan Maris ko kwana a ɗaki ba ma iyawa, me digiri ɗaya da rabi zai ƙara mana? A ganinmu, wannan dariyar kuskure ce.

Lambar ta fito ne daga yarjejeniyar Paris ta 2015, inda ƙasashe suka amince su yi ƙoƙarin kada ɗumamar ta wuce haka, idan aka gwada da zafin shekarun 1850 zuwa 1900. Shekarar 2024 ita ce ta farko da ta haura wannan iyaka, ko da yake yarjejeniyar tana duba shekaru masu yawa ne a jere, ba shekara guda ba.

To amma wannan matsakaici ne na duk duniya, dare da rana, tudu da teku. Teku ya mamaye kusan kashi 70 cikin 100 na duniya, kuma ba ya saurin ɗaukar zafi kamar ƙasa. Ke nan rabon mazauna tudu ya fi abin da lambar ke nunawa.

Sannan matsakaici yana ɓoye munanan ranaku. Mu yi lissafi da wata mai kwana 30. A ce kwana 21 ba su canza ba, amma kwana 9 sun ƙaru da digiri 5 kowanne. Tara sau biyar 45, a raba gida 30, digiri ɗaya da rabi ke nan. A takarda ba komai. A gida kuwa, ranar digiri 38 ta koma 43 har sau tara, ga tsohuwa da jariri a ƙarƙashin kwano, ba wuta. Misali ne kawai, amma haka lissafin yake.

Ruwa ma haka ne. Duk ƙarin digiri ɗaya, iska na iya riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, wato kusan kashi 10 a digiri ɗaya da rabi. Kwalbatin da ruwa ke cikawa maƙil a da, wannan ƙarin cikin gidaje zai bi. Ba mu manta da Agustan 2005 ba, lokacin da ambaliya ta karya gadar Nukkai, aka rasa rayuka. Ba mu ce ɗumamar yanayi ce kaɗai ta jawo ba. Gini a bakin Lamurde da Mayo-Gwoi da zuba shara a magudana, wannan aikinmu ne.

Shi ya sa muke kira ga masu unguwanni da kansilanmu: duk kwalbatin da za a gina, a faɗaɗa shi fiye da na da. Mai sayen fili kuma, idan aka nuna masa inda ruwa ya tsaya shekara 20 da suka wuce aka ce iyakarsa ke nan, ya ƙara ja baya kafin ya haƙa harsashi.