Ratar maki biyu ba nasara ba ce

Da zarar zaɓe ya ƙarato a Ghana, sai ka ji ana yaɗawa a rediyo da majalisun Zango cewa wane ya gama lashewa, don kawai wani binciken jin ra'ayin jama'a ya ba shi kashi 48, abokin karawarsa 46. Jama'a, a bi a hankali.

Idan mutum 1,000 aka tambaya, ko da an zaɓo su bisa ƙa'ida, adadin kowane ɗan takara na iya hawa ko sauka da maki 3. Ke nan mai 48 yana tsakanin 45 da 51, mai 46 kuma tsakanin 43 da 49. Wannan kunnen doki ne, haka ya kamata a rubuta. In kuwa mutum 100 ne kacal 'yan Zango a cikinsu, kuskuren kan kai maki 10, don haka kada a ce "Zango ta yanke shawara".

Mu tuna 2008. Akufo-Addo ne kan gaba a zagayen farko, amma bai haura kashi 50 ba. A zagaye na biyu sai da aka jira mazaɓar Tain, sannan Atta Mills ya ci da ratar ƙuri'a kusan 40,000.

Wanda aka yi wa albishir ɗin nasara tun ba a gama ƙirga ba, in ya faɗi cewa zai yi an yi maguɗi, kuma yaranmu ne ke fita titi. Saboda haka duk mai kawo adadi ya faɗi mutum nawa aka tambaya, ko mazaɓu nawa suka rage.