Sharhi: Kada Gyara Ya Shiga Manhaja Sai Na'ura Ta Gwada Shi

Sharhinmu na yau ya shafi matasanmu masu rubuta manhajojin waya, musamman waɗanda ke aiki su uku ko su huɗu, ba su da wani ma'aikaci na daban da aka ware wa aikin gwaji.

Akwai maganar da duk wanda ya zauna cikin irin wannan tawaga ya sha ji: "Ai a kwamfutata yana aiki." Wani ya yi gyara ranar Litinin, wani ya ɗora nasa a kai ranar Talata, sai ranar Alhamis da za a miƙa wa mai aiki manhajar a tarar ta ƙi haɗuwa, ko ta haɗu amma lissafinta ya karkace. A nan ake kwana ana tonon gyare-gyaren mako guda, ana neman wanda ya jawo ɓarnar. Maganin wannan shi ne tsarin da masu sana'ar ke kira CI. Ma'anarsa a aikace ita ce, duk lokacin da wani ya tura gyara, wata na'ura da ba ta kowa ba za ta ɗauki kod ɗin tun daga tushe, ta harhaɗa manhajar, ta gudanar da gwaje-gwaje, sannan ta nuna kore ko ja. Ra'ayina shi ne, ƙaramar tawaga ba ta buƙatar ƙasaitaccen tsari. Tana buƙatar gwaji gajere, mai sauri, wanda idan ya nuna ja kowa zai yarda cewa da gaske akwai matsala.

Mu ɗauki misali. A ce mutum huɗu ne ke rubuta manhajar adashi ta Android, suna ajiye kod ɗinsu a GitHub. Abin da za su fara yi shi ne rubuta ƙaramin fayil guda a cikin jakar `.github/workflows`, wanda sashen GitHub Actions zai riƙa karantawa. Fayil ɗin yana faɗar abu huɗu. Na farko, yaushe za a fara aiki: duk lokacin da aka nemi a shigar da gyara, wato `pull_request`, da kuma lokacin da gyaran ya shiga babban reshe. Na biyu, a wace na'ura: ta Linux, wadda ake rubutawa `ubuntu-latest`. Na uku, wace Java za a girka, domin kayan haɗa Android na Gradle tun daga siga ta 8 suna buƙatar Java 17. Na huɗu, umarnin da za a bayar bayan an ɗauko kod ɗin, wanda bai wuce layi ɗaya ba:

```
./gradlew lintDebug testDebugUnitTest assembleDebug
```

Kalma ta farko bayan `./gradlew` tana duba kurakuran da ake iya ganowa ta karanta kod kawai, kamar izinin da aka manta ba a nema ba. Ta biyu tana gudanar da ƙananan gwaje-gwajen da ba sa buƙatar waya, irin wanda zai tabbatar cewa idan mutum goma suka zuba naira dubu biyar-biyar, mai kwasa zai karɓi dubu hamsin. Ta uku tana harhaɗa manhajar har ta zama fayil ɗin da za a iya sa wa a waya.

To, ku sani, da wuya karon farko ya nuna kore, kuma wannan jan na farko shi ne darasi mafi tsada da tsarin zai ba ku. Na'urar GitHub sabuwa ce fil a kowane zagaye, ba ta san komai ba sai abin da kuka ajiye a rumbun kod. Don haka duk abin da ke ɓoye a kwamfutar mutum ɗaya zai fito fili. Wani lokaci za ta rubuta `Permission denied` a kan `gradlew`, saboda wanda ya fara ajiye fayil ɗin daga Windows ya yi, bai ba shi izinin gudana ba. Wani lokaci za ta ce ba ta ga wani fayil ba, alhali yana nan, sai dai an kira shi da babban baƙi a wani wuri, da ƙarami a wani. Windows da Mac a bisa al'ada ba sa bambanta su, Linux kuwa tana bambantawa. Wani lokacin kuma fayil ɗin `google-services.json` ne, ko wani mabuɗin sirri da ke cikin `local.properties`, wanda mutum ɗaya ne kaɗai yake da shi. Wannan na ƙarshe yana nufin da kwamfutar mutumin nan za ta lalace ko a sace ta, da tawagar ba za ta iya haɗa manhajarta ba. Mabuɗan sirri ana ajiye su ne a ma'ajiyar `Secrets` ta GitHub, ba a cikin kod ba. Shi kuwa mabuɗin sa hannu na fitar da manhaja kasuwa, kada ma a kusantar da shi ga gwajin yau da kullum, domin sigar gwaji ba ta buƙatarsa.

Da an samu kore, sai maganar lokaci, wadda ita ce maganar kuɗi. GitHub na ba asusun kyauta minti 2,000 a wata ga rumbunan da ba na bainar jama'a ba. Mu yi lissafi da tawagarmu. Idan kowannensu yana tura gyara sau biyar a rana, zagaye ashirin ke nan. Idan kowane zagaye yana cin minti takwas, an kashe minti 160 a yini, a kwanakin aiki 22 kuwa minti 3,520. Ke nan kafin ƙarshen mako na uku kason ya ƙare. Mafi yawan wannan lokaci yana tafiya ne wajen sake sauke ɗakunan karatun kod da Gradle ke buƙata, a sake haɗa abin da bai canza ba. Idan aka umarci tsarin ya riƙa adana su daga zagaye zuwa zagaye, har lokacin ya sauko zuwa minti huɗu, jimillar ta dawo 1,760, an shiga cikin kaso. Akwai ƙarin dabaru biyu masu sauƙi. Ɗaya ita ce `cancel-in-progress`, wadda ke soke zagayen da ke tafiya idan mutum ya sake turo sabon gyara a reshe ɗaya. Ɗayar ita ce `timeout-minutes`, domin idan ba a sa iyaka ba, aikin da ya maƙale zai iya ci gaba da cin mintuna har awa shida.

Masu haɗa manhajar iPhone su ƙara lura. Ba a haɗa ta sai da Xcode a kan na'urar Mac, kuma mintin Mac yana cin kusan ninki goma na mintin Linux. Zagaye ɗaya na minti 15 tamkar minti 150 ne, wato zagaye goma sha uku sun kusa lamushe kason wata. Shi ya sa tawagar da ke rubuta manhaja ɗaya don wayoyin biyu, misali da Flutter, ta fi dacewa ta gudanar da gwaje-gwajenta a Linux a kowane gyara, ta bar haɗin iPhone sai gyara ya shiga babban reshe, ko sau ɗaya da dare. Haka ma gwajin da ke kunna wayar kwaikwayo yana danna maɓallai: yana da amfani, amma yana da nauyi da jinkiri, gara a mayar da shi na dare. Kent Beck, ɗaya daga cikin waɗanda suka yaɗa wannan salon aiki, ya ba da ma'aunin minti goma ga haɗi da gwaji gaba ɗaya. Dalilin a fili yake: idan jira ya yi tsawo, mutum zai kama wani aikin, ya manta da abin da ya tura.

Amma abin da ya fi kashe wannan tsari ba kuɗi ba ne, gwaji ne mai fuska biyu, wanda yau zai ci, gobe ya faɗi, ba tare da an taɓa komai ba. Ga yadda yake faruwa. A manhajar adashinmu akwai gwajin da ke tabbatar da cewa wanda ya yi zubi yau bai makara ba. Manhajar tana lissafin kwanan wata da agogon Najeriya, shi kuwa gwajin yana ɗaukar kwanan watan daga agogon na'urar da yake gudana a kai. A kwamfutocin tawagar agogon biyu ɗaya ne, don haka kullum kore. Na'urorin GitHub kuwa suna bin agogon UTC, wanda Najeriya ke gaba da shi da awa ɗaya. Saboda haka daga ƙarfe goma sha biyun dare zuwa ɗaya, a nan gida an shiga sabuwar rana, a can kuwa har yanzu jiya ce. Duk wanda ya tura gyara cikin wannan awa zai ga ja, ya sake dannawa da safe ya ga kore, ya ce ai na'urar ce ke da matsala.

Daga ranar da aka fara cewa "sake danna shi kawai", ja ya fara rasa ƙimarsa, kuma ranar da ja na gaske zai zo, haka za a yi ta dannawa. Yadda ake gane irin wannan gwaji shi ne, kod ɗaya ya ba da sakamako biyu. Da an ga haka, a duba lokutan da ya faɗi, a duba ko yana dogara da agogo, ko intanet, ko abin da wani gwaji ya bari a baya. A misalinmu, gyaran shi ne a daina barin gwajin yana karanta agogon na'ura, a ba shi tsayayyen lokaci ta hanyar `Clock.fixed`, sannan a ƙara wani gwajin na musamman da aka tsayar a sha biyu da rabi na dare. Idan ba za a iya gyarawa a ranar ba, a cire shi daga jerin, a rubuta sunan wanda zai gyara da ranar da zai gama.

Mataki na ƙarshe shi ne a ba ja ƙarfin hanawa. GitHub na da saitin kare reshe, wanda ke hana shigar da gyara sai gwaji ya ci. A rumbunan sirri wannan saiti na masu biyan kuɗi ne, don haka tawagar da ke kan asusun kyauta sai ta mayar da shi doka a tsakaninta: ba a shigar da ja, ko na shugaban tawaga ne, kuma idan babban reshe ya yi ja, gyara shi ya sha gaban kowane aiki.

Kirana ga matasanmu masu wannan sana'a shi ne, kada ku jira sai manhajarku ta girma. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Ko gwaji biyar kaɗai kuke da su, ku kafa tsarin a wannan makon, ku riƙe shi ƙasa da minti goma, kuma duk kuskuren da mai amfani ya kawo muku, ku rubuta masa gwaji kafin ku gyara shi.