Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

'Yan'uwana ɗalibai, a zangon da ya wuce an sa mini jarrabawar Nahawun Hausa ran Talata da ƙarfe tara na safe. A wannan safiya kuma masu ba da tallafin karatu na jiharmu suka kira 'yan ƙaramar hukumarmu intabiyu, ga shi tsakanina da su tafiyar awa huɗu ce a mota. In na bar jarrabawa, sai maimaita kwas baɗi. In na bar intabiyu, kuɗin rajista ya tafi, kuma gero tsohona yake sayarwa ya biya.

Da na kai kuka, wani malami ya ce, "Kai yaro, zaɓi ɗaya mana." Abokai kuwa suka ce in yi haƙuri, haka Allah ya so. To, ni da maganar nan ta biyu nake faɗa. Mun mai da tambaya ta zama rashin kunya, har mutum ya gwammace ya yi asarar shekara da ya rubuta takarda layi shida.

Amma fa malamin yana da 'yar gaskiyarsa, domin ƙofar da na buga ba ita ce ba. Jarrabawa takarda ɗaya ce ga aji guda. In aka ɗaga wa mutum ɗaya, sai an sake tsara wasu tambayoyi, an nemo mai tsaro da ɗaki. Intabiyu kuwa kwana biyar aka ba shi, kowace rana da ƙananan hukumominta, mayar da sunana Alhamis bai fi jan biro ba. Wanda ya fi sauƙin gusawa shi ake roƙo.

Saboda haka na rubuta wa sakataren masu tallafin, saura kwana takwas. Ban tsaya ba da labarin talaucin gidanmu ba. Na sa sunana, lambata, sunan kwas, rana da lokaci, na ce ina iya zuwa Alhamis ko Juma'a. Na haɗa da kwafin jadawalin jarrabawa, Shugaban Sashe ya sa hannu ya buga hatimi. Na yi kwafi biyu, yayana ya kai, aka buga wa ɗayan hatimin karɓa ya dawo mini da shi. Kada ku raina wannan kwafin. Ran Alhamis magatakarda ya ce bai san da zancena ba, ita takardar ce ta shigar da ni.

Inda nake ƙorafi shi ne, me ya sa sai ɗalibi ya yi ta lalube? Masu kiran ɗalibai intabiyu a tsakiyar jarrabawa ba su san jami'o'i suna da jadawali ba ne? Layi ɗaya a ƙarshen sanarwa, cewa mai jarrabawa ya zo ranar ƙarshe da shaidarsa, ya wadatar. Akwai wata 'yar ajinmu da ba ta san ana roƙo ba, ta tafi intabiyu. Bana tana zaune da 'yan ajin baya tana maimaita Nahawu.